Yadda ake warware cakuɗaɗɗen saƙon waya kafin a ce wa mai shi "ban gane ba"

Ni ke riƙe da wayar shagon Yayana a Kantin Kwari, kuma rabin cinikinmu yanzu ta WhatsApp yake shigowa. Masu sayen atamfa da leshi daga Kaduna, Jos, Maraɗi da Damagaram ba sa zama su tsara rubutu. Mace tana girki, ko tana goye da yaro, ko tana cikin mota, sai ta danna abin da ke bakinta ta tura. Hausa a ciki, Turanci a ciki, wani lokaci har da Faransanci, babu aya babu waƙafi. Da na fara aikin, amsata ɗaya ce ga irin wannan saƙo: "Hajiya ban gane ba." Sai na lura wannan amsar tana cinye mana yini guda. Mai saƙon ta riga ta ajiye waya ta koma hidimarta, sai la'asar za ta gani, kuma idan ta gani abin da ta rubuta ɗin za ta sake rubutawa, don a wurinta a fili yake.

Ga wani saƙo da ya shigo mana daren wata Laraba, ƙarfe 11:47, daga wata Hajiya da ta daɗe tana sayayya a wurinmu. Da shi zan nuna yadda nake bi.

```
slm ykk ya kasuwa dn Allah wancan material din da kabani last week
bashi bane wanda nace d blue 1 nakeso kara 2 sai ka hada da na anty
driver xaizo 2moro b4 azahar nasa 30k balance sai monday ngd
```

Fara da duba sama, kafin ka karanta saƙon kansa

Abu na farko ba karatu ba ne. Ka duba wa ya turo, ƙarfe nawa ya turo, da kuma abin da kuka yi magana a kai na ƙarshe. Saƙo irin wannan ci gaban hira ne, mai shi yana ɗauka kana tune da duk abin da ya wuce tsakaninku. Na ja hirarmu sama na ga hotuna huɗu da na tura mata kwana tara da suka wuce, biyu daga ciki masu ruwan bulu ne. Na buɗe littafin shago na ga ta karɓi turmi ɗaya na atamfa a kan naira 18,000, ta biya. Na kuma ga akwai ƙullin kaya na ƙanwar mahaifiyarta da aka biya tuni, yana ajiye a ƙasan kantar shago yana jiran mai ɗauka.

Lokacin da aka turo saƙo yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Ni da safiyar Alhamis na karanta, bayan sallar asuba. Goben da ta rubuta daren Laraba ita ce yau ɗin da nake ciki, wato sa'o'i kaɗan ne tsakanina da direban. Da ma ƙarfe 12:30 na dare ta turo, duk da waya ta riga ta juya kwanan wata, goben tata wayewar garin nan ce dai, domin wanda bai kwanta ba bai shiga sabuwar rana ba a lissafinsa.

Karanta shi da baki, ka cire gaisuwa

Sai ka karanta saƙon a fili, da muryar mai shi idan ka san ta. Wanda bai sa aya ba magana ya rubuta yadda take fita daga bakinsa, kunne kuwa ya fi ido sanin inda ake numfasawa. Kada ka tsaya a kan kalmar da ta shige maka duhu a zagayen farko, ka wuce har ƙarshe.

Daga nan ka yanke kai da jela. `slm ykk ya kasuwa dn Allah` sallama ce da ya kake da roƙo, `ngd` na gode ne. Waɗannan gajerun kalmomi wasula kawai aka zubar musu, kamar `lfy` da `gsky` da `wlh`. Matasa da yawa suna sa `x` a madadin z, shi ya sa `xaizo` zai zo ne, wasu kuma suna sa `q` a madadin ƙ. Ba a ɓata lokaci a nan.

Nemo gaɓoɓin maganar

Abin da ya rage shi ne tsakiyar, kuma nan aikin yake. Ko babu aya, Hausa tana da kalmomin da ke nuna an buɗe sabuwar magana: sai, amma, kuma, don, idan, to. Akwai masu rufewa: ne, ce, ke nan, da "ba" ta biyu a korewa. Canjin mai aikatawa ma gaɓa ce. Idan ana cewa "na, na" sai aka koma "ka", ko aka ambaci wani mutum dabam, an shiga sabuwar jimla. Sau da yawa kuma, inda mutum ya tsallaka daga Hausa zuwa Turanci nan ne ya numfasa.

Da wannan na yanka saƙon Hajiya gida shida a takarda:

Wancan kayan da ka ba ni makon jiya, ba shi ba ne wanda na ce.
Mai bulun nake so.
Ƙara biyu.
Sai ka haɗa da na Anti.
Direba zai zo gobe kafin azahar.
Na sa dubu 30, ragowar sai Litinin.

Yanzu saƙon ya yi kama da magana, amma wannan yankan hasashe ne tukuna. Kowane layi sai an gwada shi.

Kalmomin da aka manne, da ƙugiyar da ta faɗi

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A littafi ma haka ne, sai dai littafi yana raba kalmomi yana kuma sa ƙugiya a ƙ, ɗ da ɓ. A waya duka biyun sun tafi. Don haka kalma ɗaya a fuskar waya tana iya zama biyu ko uku a baki, kuma dole ka jera su duka kafin ka zaɓa.

Ɗauki `bashi bane`. Idon ɗan kasuwa yana ganin `bashi` zuciyarsa za ta tafi kan kuɗin da ake bi. Amma mai cewa abu bashi ne "bashi ne" zai ce, mai musantawa kuma "ba bashi ba ne" zai ce, da "ba" a gaba. A nan babu wata "ba" kafin kalmar, ga kuma `bane` a bayanta tana neman abokiyarta. Abokiyar tana cikin `bashi` ɗin: ba shi ba ne. Littafin shago ya ƙara tabbatarwa, tunda ta biya kuɗin turmin. Ka riƙe wannan dabarar, tana aiki kullum: idan ka ga "ba" ta rufewa, koma baya ka nemo ta buɗewa, ko da an manne ta da wata kalma.

`kabani` kuma yana iya zama labari, ka riga ka ba ni, yana iya zama umarni, ka ba ni yanzu. A baki sauti ne ke raba su. A nan `da` a gabansa da `last week` a bayansa sun nuna abin da ya wuce ne. Ina mai da hankali sosai a kan wannan domin ya taɓa jawo mana asara. Wata mata ta taɓa rubuto mini `yaron yazo ya karba`, na ɗauka tana sanar da ni yaronta ya zo ya karɓi kayan a hannun Yaya, na soke sunanta a littafi. Ashe cewa take yaron ya zo ya karɓa, wato izini take bayarwa. Ya zo washegari ba na nan, aka duba littafi aka ce masa an riga an bayar, ya koma hannu rabbana ana saura kwana biyu biki. Tun daga ranar, duk inda na ga `yazo`, `tazo`, `suzo` ko `akawo`, sai na nemi abin da ke nuna lokaci. `suzo` da `akawo` sun fi sauƙi, domin da abin ya wuce "sun zo" da "an kawo" za a ce. Na namiji ɗaya da na mace ɗaya, da "ka", su ne masu rikici.

`kara 2` ƙara ce, ba karan dawa ba, wannan ba ya buƙatar tunani a shagon atamfa. Haka `hada` haɗa ce. Amma ka san cewa `bata` tana iya zama ba ta, ko ɓata, kuma `kayan sun bata` da `kayan su bata` nisan da ke tsakaninsu harafi ɗaya ne.

Turancin da ke ciki, da ma'anarsa ta kasuwa

Kalmar Turanci a saƙon Bahaushe ba lallai ta ɗauki ma'anar ƙamus ba. `material` a bakin matan da ke sayayya a Kwari yawanci wani nau'in yadi ne da ake aunawa yadi-yadi a ɗinka doguwar riga, dabam da atamfa da leshi. Wasu kuma kowane ƙyalle haka suke kiransa. Da na bi ma'anar farko, da na ce yadi biyu take so a ƙara. Littafi ya nuna atamfa ta karɓa, ita kuwa atamfa turmi ake sayarwa, yadi shida. Ke nan turmi biyu ne.

Lamba a cikin irin wannan rubutu aiki biyu take yi. Wani lokaci adadi ce, wani lokaci sauti ce. A `2moro` da `b4` sauti ce, gobe da kafin. A `kara 2` adadi ce. `d blue 1` ita ce mai santsi: ba guda ɗaya take nufi ba, "mai bulun nan" take nufi, yadda ake faɗa da Turanci. Abin da ya nuna haka shi ne `d` ɗin da ke gaba. Da adadi take nufi, da `blue 1` kawai za ta sa, ko `blue guda 1`. `k` bayan lamba dubu ce.

Akwai kuma ɓarnar da waya ke yi da kanta. Idan allon rubutun a Turanci yake, yana mai da kalmar Hausa zuwa ta Turanci mafi kusa. Na sha ganin `gone` a inda ake nufin gobe, ga shi b da n maƙwabta ne a allon. Idan kalmar Turanci ta faɗo a tsakiyar Hausa ba ta da wurin zama, ka duba wace kalmar Hausa ce ta yi kama da ita.

Bari lissafi ya raba gardama

Saura `nasa 30k`, kuma nan ne kuɗi yake. Karatu uku gare shi. Na farko "na sa", na riga na tura. Na biyu "nasa", wato na direban da aka ambata yanzun nan, kuɗinsa dubu 30. Na uku "na sa" mai jan sauti, irin ta alkawari, zan sa.

Karatu na biyu ya faɗi da wuri, domin ba a biyan direba dubu 30 kan ƙulli ɗaya na atamfa, kuma kalmar `balance` da ta biyo baya tana nuna an biya wani kaso na kuɗin kaya ne. Tsakanin na farko da na uku kuwa ba a tambayar Hajiya, banki ake tambaya. Na duba asusun shago, na ga dubu 30 sun shigo ƙarfe 11:41 na daren, minti shida kafin saƙon. Ka duba cikin asusun da kanka, kada ka tsaya ga hoton rasit da aka turo.

Yanzu sai na yi amfani da kuɗin na gwada sauran karatun. Idan yadi biyu ne, kuɗinsu 6,000, dubu 30 ta yi yawa ƙwarai. Idan nufinta jimillar turmi biyu, wato a canja mata ɗaya a ƙara ɗaya, sabon kuɗi 18,000 ne, ta biya fiye da kima, babu ragowar da za a jira Litinin. Idan a canja ɗaya a ƙara biyu ne, sabon kuɗi 36,000, ta ba da 30,000, saura 6,000. Wannan ne kaɗai ya zauna daidai da kowace kalma a saƙon. Karatun da ya bar wata kalma ba ta da aiki, ka yi zarginsa. Mutumin da ke gaggawa ba ya rubuta abin da ba ya buƙata.

Ware abin da ka gano daga abin da saƙon bai faɗa ba

Bayan duk wannan, abu biyu suka rage, kuma ba rikicin rubutu ne ya haifar da su ba, Hajiya ce ba ta faɗa ba. Na farko, wane bulun, tunda biyu na tura mata. Na biyu, turmin da ta ce ba shi ba ne, direban zai dawo da shi ko ta riƙe? Idan ta riƙe, turmi uku sababbi za ta ɗauka, 54,000, ragowar ta zama 24,000. Shi ma wannan ya dace da kalmominta. Tazarar 18,000 ce tsakanin karatun biyu, kuma babu littafi ko asusu da zai raba su.

Ma'aunina a nan shi ne: idan na yi kuskure, me zai ci? Abin da za a gyara da kalma ɗaya, kamar ko azahar ɗin ƙarfe ɗaya take nufi ko biyu, ba na tambaya, ina shirya kaya tun sha biyu. Abin da zai sa kaya su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a banza, ko a yanka yadi, ko kuɗi su fita, dole a tabbatar. Akwai kuma abubuwan da ba a yi musu hasashe sam, komai kyawun karatunka: lambar asusu, lambar waya, adireshi, awon ɗinki. Idan lamba ɗaya ta yi duhu a cikinsu, a sake turowa. Haka idan saƙo ya zo da sunan wanda ka sani amma salon rubutun ba nasa ba ne, kuma yana neman a tura kuɗi wani sabon asusu, kira za ka yi ka ji murya.

Yadda ake tambayar

Ka rubuta masa abin da ka fahimta, a tsare, yadda amsarsa ba za ta wuce kalma biyu ba. Ga abin da na tura ƙarfe shida da rabi, tare da hotunan bulun biyu da na rubuta wa 1 da 2:

"Wa alaikumus salam Hajiya, barka da asuba. A yi mana afuwa kan kuskuren kayan. Mun ga dubu 30, Allah ya ƙara buɗi. Na fahimci za mu canja miki wancan da mai bulu, mu ƙara turmi biyu, uku ke nan, mu haɗa da na Anti, direba ya karɓa yau Alhamis kafin azahar. Saura 6,000 zuwa Litinin. Abu biyu kawai Hajiya: bulun na 1 ne ko na 2? Kuma direban zai taho da wancan turmin?"

Ka lura na rubuta "yau Alhamis", ban maimaita "gobe" ba. Na sa jimillar turmi da ragowar kuɗi da lamba, domin idan karatuna ya kauce, a kan lambar idonta zai fara tsayawa. Tambayoyin suna ƙarshe, ba a binne su a tsakiya ba. Ban kuma ce mata rubutunta bai fito ba. Babbar mace ce, kuma ba jarrabawa ta zo rubutawa shagonmu ba. Rashin aya ba fushi ba ne, gajeren saƙo ma ba raini ba ne, kada ka karanta hali a inda gaggawa ce kawai.

Idan mutum ya fi sakewa da baki, ka tura wannan bayanin da saƙon murya, amma lambobin ka rubuta su, don a samu abin komawa.

Amsarta ta zo bayan minti ashirin: `eh hakane na 2 xai kawo`. Na naɗe turmi uku na bulu na biyu, na ɗaure da na Anti, na rubuta 6,000 a gaban sunanta.

Idan saƙon daga Nijar ya fito

Matakan ba sa canjawa, sai dai kayan aikin. Wanda ya yi makaranta da Faransanci yakan rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci: `ou` a madadin u ko w, `ch` a madadin sh, `tch` a madadin c, `dj` a madadin j. Wani abokin cinikinmu na Maraɗi ya taɓa turo wannan:

```
slt alhadji ina kouana kaya sun iso mais 2 pieces babu tchiki zan aiko jikka 50 2m1 inchallah
```

Karanta shi da baki, Hausa ce tsaf: ina kwana, kaya sun iso, amma guda biyu babu ciki. `mais` ita ce amma, kuma ita ce gaɓar maganar. `2m1` gobe ce da Faransanci, lambobin sauti ne kamar na `2moro`. Inda ake faɗawa rami shi ne kuɗin. A Kano jaka naira 200 ce, a Nijar jikka sefa 1,000 ce, domin can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, dala 200 ke yin jikka. Jikka 50 ɗinsa sefa 50,000 ce, ba naira 10,000 ba. A amsar da na mayar masa na rubuta adadin da lamba, na sa "sefa" a gabansa, na kuma tambaye shi abu ɗaya da saƙon bai faɗa ba: guda biyun da babu, a aika masa da motar gaba ko a cire kuɗinsu daga lissafi.